Na ce zan bar kamfanin intanet, sun yi mini ragi: yaya ake auna irin wannan tayin?

Mai_Buga_Takardu
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista a Samaru da ke Zariya, kuma duk aikina a kan intanet yake. Ina biyan naira 25,000 kowane wata a kan rautar da nake amfani da ita, wadda ke ba ni gig 150 kafin a rage mata gudu. Kwanan nan wani kamfanin ya fito da tsarin naira 19,000 a wata mai gig 120, amma sai na sayi rautarsu a kan naira 30,000. Da na kira masu kula da kwastomomi na kamfanina na ce ba zan sabunta ba, sai suka haɗa ni da wata ma'aikaciya, ta ba ni zaɓi biyu. Ko dai a rage mini kashi 30 cikin ɗari na tsawon wata uku, bisa sharaɗin in bar katin bankina yana sabuntawa da kansa, ko kuma in biya kuɗin wata shida a dunƙule a ƙara mini wata ɗaya kyauta. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: wanne ya fi, kuma ko ɗayansu ya isa ya zaunar da ni?

Dan_Kwangila
Wa alaikumus salam. Malam, kashi 30 cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamanin. Zai mayar da kuɗinka naira 17,500, wato ƙasa da abin da sabon kamfanin ke nema, kuma ba ka sayi rauta ba. Ni ban ga abin dogon tunani a nan ba.

Malamin_Lissafi
Ɗan Kwangila, lissafinka daidai ne, amma na wata uku kawai ne, shago kuwa ba ya tsayawa a wata uku. A ganina duk tayin da aka yi wa mutum irin wannan, ya kamata ya shimfiɗa shi a kan shekara guda cif, sannan ya kwatanta jimilla da jimilla. Idan Malam ya karɓi zaɓin farko, zai biya naira 17,500 sau uku, wato 52,500, sannan ya koma 25,000 na sauran wata tara, wato 225,000. Jimillar shekara ta zama naira 277,500. Idan ya karɓi na biyu, zai biya 150,000 na wata bakwai, ya ƙara 125,000 na sauran wata biyar, ya zama 275,000. Idan kuwa ya koma sabon kamfanin, 19,000 sau goma sha biyu 228,000 ne, a ɗora kuɗin rauta ya zama 258,000.

Abin da ya fito a fili shi ne, zaɓuɓɓukan nan biyu da suke kama da abubuwa mabambanta kusan ɗaya suke, domin tazarar da ke tsakaninsu naira 2,500 ce kacal a shekara, kuma dukkansu sun fi tafiya tsada da kusan naira 17,000 zuwa 19,500. Kashi 30 ɗin da aka ambata, idan aka raba shi a kan shekara, kashi 7.5 ne kawai. A shekara ta biyu kuwa, da babu sauran ragi kuma babu sayen rauta, zama zai ci 300,000, tafiya kuma 228,000.

Maman_Khalifa
Malam, Allah ya ƙara basira. Amma ni ina ganin zaɓi na biyu ya fi yadda ka nuna shi daraja. Wata ɗaya kyauta a kan wata shida ai kashi ɗaya bisa shida ne, kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma babu wanda zai riƙa taɓa masa asusu ba da saninsa ba.

Malamin_Lissafi
Hajiya, maganarki ta biyu tana da ƙarfi, amma ta farkon tana buƙatar ɗan gyara. Wata bakwai zai samu, ya biya shida, saboda haka abin da aka yafe masa ɗaya ne bisa bakwai, kashi 14 da ɗoriya. Kowane wata zai tsaya masa a kan kimanin naira 21,430, wanda har yanzu ya haura 19,000.

Hadiza_Gyallesu
Na taɓa aiki a sashen amsa kiran kwastomomi na wani kamfanin sadarwa, saboda haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren wayar. Wadda aka haɗa ka da ita, Malam, ba ita ce mai amsa kiran yau da kullum ba. Akwai tebur na musamman da ake tura wa duk wanda ya furta cewa zai tafi, kuma ana auna aikin ma'aikatansa ne da yawan mutanen da suka shawo kansu suka zauna. A gabanta akwai bayanan asusunka: tsawon zamanka da kamfanin, nawa kake biya, ko kana jinkirin sabuntawa, da ƙorafe-ƙorafen da ka taɓa shigarwa. Daga waɗannan ne na'ura ke fito mata da jerin abin da aka yarda ta ba ka, kuma an koya mata ta fara da wanda ya fi sauƙi ga kamfani.

Tsarin da na sani shi ne, a fara da ƙarin data, domin shi ne kusan ba ya cin kamfani komai. Idan mutum ya ƙi, a zo ga ragi na ɗan lokaci. Idan ya ƙi, a yi masa tayin saukowa zuwa ƙaramin tsari. Abin da ba kasafai take da ikon yi ba shi ne ta sauya maka farashin tsarinka na dindindin, domin farashin tsare-tsaren sadarwa abu ne da kamfani ke kai wa hukumar kula da harkokin sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince da shi, ba abin da ma'aikaciya ke yankewa a waya ba. Don haka kusan duk ragin da za ka ji yana da ranar ƙarewa, ko an faɗa maka ko ba a faɗa ba.

Tambayar da na ga ba ka amsa mana ba ita ce, me ka ce mata dalilin tafiyarka? Dalilin da ka bayar shi take shigarwa, kuma shi ke buɗe irin tayin da za ta gani. Wanda ya ce tsada, ragi za a ba shi. Wanda ya ce rashin kyawun sabis, ya kamata a buɗe masa takardar ƙorafi zuwa ga injiniyoyi, amma sau da yawa shi ma ragin ake miƙa masa domin ya fi saurin rufe kiran.

Mai_Buga_Takardu
Na gode Malama Hadiza. Tsada na ce mata, amma gaskiyar magana akwai matsala ta biyu. Daga bayan la'asar zuwa bayan isha'i gudun yana faɗuwa ƙwarai, har shafin rajista ya tsaya yana juyi alhali ɗalibai na tsaye a kaina. Da safe kuwa lafiya lau yake.

Injiniya_Hanwa
To, wannan bayanin ya sauya tambayar gaba ɗaya. Idan gudu yana da kyau da safe kuma yana faɗuwa da yamma a kullum, alama ce ta cunkoso a kan turken da ke ba unguwar sabis, ba laifin rautarka ba ne. Samaru wuri ne da dubban ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke hawa intanet a lokaci guda bayan an tashi daga darasi, kuma ƙarfin turke rabawa ake yi tsakanin duk wanda ke kansa. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Ka auna gudun da sassafe, ka sake aunawa da magariba, na tsawon mako guda, kana rubutawa. Ka kuma lura da lokacin hutun jami'a: idan matsalar ta ɓace sa'ad da ɗalibai suka tafi gida, ba sauran shakka. Sai dai ka fara duba cewa ba ka wuce gig 150 ɗinka ba, domin wanda aka rage wa gudu saboda ya wuce iyaka zai ga jinkirin safe da yamma duka.

Ragi ba ya ƙara wa turke ƙarfi. Idan ka biya wata shida a dunƙule, ka sayi wata bakwai na wannan matsalar ce da kuɗinka. Amma kada ka ɗauka cewa sabon kamfanin ya tsira daga ita, domin su ma ɗaliban nan suna kansu. Kafin ka fitar da naira 30,000, ka nemi maƙwabcin da ke da rautarsu ka are ta yamma biyu ko uku, ka ajiye ta a daidai inda taka take, ko ka sayi layinsu ka sa ƙaramar data a wayarka ka gwada a cikin shagon. Sabis ɗin da wani ya yaba a Sabon Gari ko Tudun Wada ba ya gaya maka komai game da ɗakinka a Samaru.

Baba_Kofar_Doka
Ni dai ina jan kunnenku, 'ya'yana. Waɗannan masu kiran suna cewa za su yi ragi yawancinsu 'yan damfara ne. An kira wani maƙwabcinmu aka ce an zaɓe shi a garabasa, aka nemi lambar da ta shigo masa ta saƙo, kafin la'asar an kwashe abin da ke asusunsa. Kada ka ba kowa lambar katinka, yaro.

Hadiza_Gyallesu
Baba, Allah ya ƙara girma. A wannan karon shi ne ya kira kamfanin da kansa, ba su suka kira shi ba, saboda haka ba irin abin da ya sami maƙwabcinku ba ne. Amma jan kunnen yana da wurinsa, domin kamfanoni kan kira wanda ya daina sabuntawa su yi masa tayin dawowa, kuma 'yan damfara sun san da haka suna kwaikwayo. Ma'aikacin gaskiya ba zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ba, kuma ba zai ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba. Wanda ya yi shakka ya katse, ya kira kamfanin da kansa ta lambar da ya sani, ya tambaya ko tayin yana rubuce a asusunsa.

Maman_Khalifa
Bari in ba da nawa labarin, ko da yake na talabijin ne ba na intanet ba. Na bar biyan kuɗin dikodarmu saboda yara sun koma makaranta kuma wuta ba ta samuwa. Sai aka kira ni aka ce idan na biya tsarina na da, za a ɗaga ni zuwa na sama da shi na wata guda ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Na biya, yaran suka saba da tashoshin da ba mu da su a da, da watan ya ƙare aka mayar da mu inda muke, rigima ta tashi a gida, a ƙarshe na koma biyan tsarin mai tsada. Ba a yi mini ƙarya ko ɗaya ba, amma kuɗin da nake fitarwa ƙaruwa ya yi. Tun daga nan abin da nake tambaya shi ne ko tayin zai rage abin da ke fita daga jakata, ko kuwa ƙara mini abin da ban nema ba kawai zai yi.

Dalibi_Kongo
Wannan daidai yake da ƙarin datar da ake bayarwa. An taɓa ba ni gig 20 kyauta don in dawo kan wani layi, ashe rabinsa na tsakar dare ne, sauran kuma kwana bakwai ne wa'adinsa, sannan sai datar da na saya ta ƙare za a fara taɓa shi.

Malamin_Lissafi
Bayanin Maman Khalifa da na ɗalibinmu ya kawo ni ga abin da na bari a lissafina na farko, kuma wannan karon ya karkata ne ga kamfanin da Malam yake kai. Na kwatanta 25,000 da 19,000 kamar kaya ɗaya ake saye, alhali ɗaya gig 150 ne ɗaya kuma 120. Malam, nawa kake ci a wata?

Mai_Buga_Takardu
Na duba tarihin asusun. A yawancin watanni ina tsakanin gig 95 zuwa 110, amma a lokacin rajistar sababbin ɗalibai da lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke haɗa kundin bincikensu nakan kai 140 har ma in ɗan haura.

Malamin_Lissafi
Ke nan a yawancin shekara kana biyan gig 40 ko fiye da ba ka taɓawa, kuma 120 zai ishe ka. A watannin cunkoso kuwa sai ka ƙara saye. Mu ɗauka watanni uku ne irin waɗannan, kuma ƙarin kowanne zai ci naira 5,000, sai ka tambayi ainihin farashin ƙarin kafin ka dogara da wannan adadin. Jimillar tafiya ta tashi daga 258,000 zuwa 273,000, tazarar shekarar farko ta ragu zuwa abin da bai kai naira 5,000 ba. A kan wannan kaɗai ba zan ce mutum ya sauya ba. Ribar tafiya tana shekara ta biyu ne, inda za ta kai kimanin naira 57,000, idan farashin ɓangarorin biyu ya tsaya yadda yake.

Alhaji_PZ
Wannan "idan" ɗin na ƙarshe shi ne inda na tsaya, Malam. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma kowa a nan ya ga yadda tsare-tsare suka sauya bayan haka. Wanda ya riga ya biya watanni a gaba kafin irin wannan ƙarin, ya ci riba da ba ta fito a lissafin takarda ba. Sannan farashin 19,000 na sabon kamfanin, wa ya ce ba na jawo kwastoma ba ne? Amma a matsayina na ɗan kasuwa zan faɗi ɗaya gefen. Naira 150,000 a hannun mai shago jari ne. Idan ya zuba ta a takarda da tawada a sarin lokacin rajista, ta yiwu ta juya ta kawo masa abin da ya wuce 25,000 ɗin da za a yafe masa cikin wata bakwai. Shi ya san yadda kuɗi ke juyawa a shagonsa, mu ba mu sani ba.

Dan_Kwangila
To, tunda haka ne, dabara ta bayyana. Ya karɓi ragin wata uku, idan ya ƙare ya sake kira ya ce zai tafi, su sake ba shi. Haka zai yi ta yi har shekara ta zagayo yana biyan 17,500.

Hadiza_Gyallesu
Ba ya tafiya haka, Ɗan Kwangila. Duk tayin da aka ba mutum ana rubuta shi a asusunsa, kuma a inda na yi aiki akwai tsawon lokacin da dole ya wuce kafin na'ura ta sake buɗe masa wani. Wanda ya dawo da wuri yakan tarar babu komai a gaban ma'aikaciyar, ko kuma a ce masa an karɓi buƙatarsa ta tafiya. Kada mutum ya yi barazanar da bai shirya cikawa ba.

Ummu_Sadiq
Ni abin da ya dame ni a shawarar Ɗan Kwangila ba ko za ta yi aiki ba ne. Mutum ya ce zai tafi alhali ya san ba zai tafi ba, don kawai a rage masa, wannan ba ƙarya ba ce? Ciniki halal ne, amma ina ganin akwai bambanci tsakanin taya kaya da faɗin abin da ba shi ne a zuciyarka ba.

Dan_Kwangila
Hajiya, a kasuwar Sabon Gari kowa yana juya baya ya yi kamar zai wuce don mai kaya ya kira shi, kuma mai kayan ya san wasan. Kamfanin ma ya san wasan, shi ya sa ya ware tebur dominsa.

Alhaji_PZ
Wannan tambaya ce ta malamai, ba zan yi fatawa ba. Amma ana iya kauce mata baki ɗaya, domin faɗin gaskiya ya wadatar. Ka ce ga abin da wani kamfanin ke bayarwa, ga farashinsa, ina duba yiwuwar komawa can, me za ku iya yi mini? Malam mai tambaya ma ai da gaske yake yi.

Hadiza_Gyallesu
Mu koma kan tayin kansa. Malam, kafin ka amsa ko wanne, ka sake kira ka nemi amsar wasu abubuwa a fili. Ka tambayi ranar da ragin zai ƙare da adadin da za a cire a wata na huɗu, a naira ba a kashi ba. Ka tambaya ko gig 150 ɗinka na nan yadda yake a watannin ragin, domin wani lokaci abin da ake kira ragi sauya tsari ne zuwa ƙarami. Ka tambaya ko za ka iya kashe sabuntawar kai tsaye da kanka bayan wata na uku ba tare da an nemi ka mayar da ragin ba. A zaɓi na biyu kuma ka ji ko za a zuba maka datar wata-wata ne ko a dunƙule, yaushe watan kyautar zai shigo, da abin da zai faru da sauran kuɗinka idan ka tsaya a tsakiya, wanda a yawancin tsarin biya kafin amfani ba a mayarwa. Duk abin da aka gaya maka, ka nemi a turo shi ta saƙo ko imel tare da lambar shaidar kiran. Idan aka saɓa daga baya, da wannan lambar za ka fara ƙorafi a kamfanin, idan ba a warware ba ka kira 622, layin ƙorafi na NCC, kuma za su tambaye ka lambar ƙorafin da ka shigar a kamfanin tun farko.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: ko suna da tsarin da ke ƙasa da naka, mai kusan gig 100 ko 120? Ba za ta fara kawo maka shi ba domin yana rage kuɗin shigar kamfani har abada, amma ga mai cin gig 100 zai iya fin duk ragin nan biyu.

Injiniya_Hanwa
Ni har yanzu ina kan bakana cewa duk wannan lissafin na bayan gwaji ne. Idan kowace yamma ɗalibai biyu suka gaji da jira suka tafi shagon gaba, abin da ya rasa a wata zai iya shafe ragin gaba ɗaya. Idan dole ne ya zaɓa yau, na wata ukun ya fi, ba don ya fi arha ba, sai don bai ɗaure shi ba, kuma zai sami lokacin gwada ɗayan.

Maman_Khalifa
Injiniya, ya ɗaure shi mana, tunda katinsa na hannunsu. Mutum nawa ne ke tuna ranar da wata na huɗu zai shiga? Idan zai bi wannan hanyar, ya haɗa katin asusun da ba ya ajiye kuɗin shago a ciki, ya riƙa zuba daidai abin da za a cire.

Mai_Buga_Takardu
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na sake kira yau. Sun tabbatar cewa gig 150 ɗin yana nan a lokacin ragin, kuma zan iya kashe sabuntawar bayan wata na uku, amma ma'aikacin da na samu ya ce ba ya iya turo sharuɗɗan a rubuce, lambar shaidar kira kawai ya ba ni. Akwai ƙaramin tsari, sai dai gig 75 ne, ba zai ishe ni ba. Tayin zai tsaya har ranar da datata za ta ƙare, wato ranar Alhamis mai zuwa. Wani mai shagon gyaran waya kusa da ni yana da rautar sabon kamfanin, ya yarda ya ara mini gobe da yamma. Injiniya, wane adadi zan gani a ma'aunin gudun in san cewa ya isa aikin rajista?

Injiniya_Hanwa
Shafin rajista ba ya buƙatar gudu mai yawa, abin da yake buƙata shi ne kada ya riƙa yankewa. Kada ka tsaya kan adadin saukewa kaɗai, ka duba na ɗorawa, domin hotuna da takardu kake turawa sama. Ka kunna rautocin biyu a lokaci guda, ka ɗora takarda ɗaya a kan kowacce bayan magariba, ka ga wadda ta riga. Ka tuna kuma cewa wani jinkirin daga shafin makarantar yake, idan kowa ya hau shi a ranakun ƙarshe na rajista, kuma wannan zai bayyana a kan rautocin duka biyu. Yamma ɗaya ba ta isa ba, ka roƙe shi ya bar maka ita zuwa Laraba.